Belin Baffa da Gonar Baba

Mahaifina manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Roni. Babarbare ne gaba da baya, ko da yake Barbarcin da ya rage a bakinsa bai wuce na gaisuwa da na faɗa ba. Yana da gona guda da yake ji da ita, ta bakin rafi, wadda ya gada wurin kakanmu. A cikinta ake noma dawar da muke ci, kuma da kuɗin gyaɗarta aka yi mini karatu har na zama malamin firamare a Kazaure. Yana kuma da aboki guda da yake ji da shi kamar gonar, wani Bafulatani makiyayi da muke kira Baffa. Kowace shekara in an kwashe amfani, Baffa zai sauke shanunsa a gonar nan, su ci kara su bar taki, sai ruwa ya sauka ya kaɗa su arewa.

Tun ina yaro ban taɓa jin sun gaisa kamar mutanen kirki ba. Wasan Fulani da Barebari ne, amma su biyun sun kai shi inda ba a kai shi. Baffa zai yi sallama daga ƙofar zaure ya ce, "Ina bawan nan nawa, ko har yanzu barci yake?" Baba zai amsa daga ciki, "A ba Bafulatanin nan tabarma, amma a ɗauke ƙwaryar furar tukuna." Daga nan sai su zauna su raba goro ɗaya, su yi ta hira har la'asar.

Shekarar da abin ya faru, da kaka ne, ba a gama kwashe wake ba. Shanun Baffa suka faɗa gonar wani mutumin ƙasar Gwiwa, suka yi masa ɓarna a tarin waken da ya tsinke. Mai waken ya zo da zafi, Baffa shi ma ba kanwar lasa ba ne, magana ta yi tsawo, sanda ta tashi. Mai waken ya ce shi aka nufa, ga hannunsa a kumbure. Baffa ya rantse bijimi ya kai wa duka, mutumin ne ya kawo hannunsa. 'Yan sanda suka tafi da Baffa, bayan kwana kaɗan suka gurfanar da shi a kotun majistare a Kazaure, bisa tuhumar ɓarna da raunata mutum.

Ina cikin aji aka ce mini ga Baba a bakin makaranta. Na fito na tarar da shi da babbar rigarsa ta zuwa Juma'a, ya riƙe wata leda a hammata. Ko gaisuwata bai gama amsawa ba ya ce, "Ɗauko babur ɗinka, za ka kai ni kotu. Sun kama Bafulatanina."

A hanya na yi iya yina. Na ce, "Baba, beli fa ba gaisuwar mara lafiya ba ce. Mutumin da gidansa ke bisa bayan jaki, yau yana nan gobe yana Nijar, shi za ka tsaya wa?" Ni dai Allah ya yi ni da saurin baki, kuma a ranar bakin ya samu aiki. Baba ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce in kula da ramin da ke gabana.

Mai shari'ar mace ce, 'yar dattijuwa mai tabarau, ba ta ɗaga murya. Aka karanta wa Baffa tuhumar da Hausa, ya ce bai amsa ba. Ta ce laifin ba ya cikin manyan da ake hana beli a kansu, don haka ta ba da shi beli a kan wasu kuɗi da ta ambata, tare da mai tsaya masa mutum ɗaya, magidanci, mazaunin yankin da kotun ke da iko, mai kadarar da za a iya gani da ido. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Baba bai taɓa riƙe irinsu a hannunsa lokaci guda ba.

A ofishin rajistara ne aka warware mana abin. Rajistaran ya ce ba yanzu za a biya ko sisi ba, alkawari ne ake ɗauka a rubuce. Ya dubi Baba ya ce, "Baba, ka gane abin da za ka sa wa hannu? Belin nan ba sallama ba ce, shari'a tana nan. An dai bar shi ya kwana a gida ne maimakon gidan yari. Kai kuma ka ɗauki nauyin duk ranar da kotu ta sa, zai zo, har a gama. Ran da bai zo ba, kai za a nema. In ka kasa kawo shi, kuɗin nan sun hau kanka. In babu, a sayar da abin da ka mallaka. In abin bai kai ba, har ɗauri akwai." Ya ƙara da cewa in wata rana Baba ya ji hankalinsa bai kwanta ba, yana iya zuwa ya ce ya janye, sai a kama Baffa a tsare har ya samo wani.

Baba ya ce, "Na ji." Ya buɗe ledar nan ya fito da katinsa na ɗan ƙasa da takardar shaidar gonar bakin rafi mai hatimin dagaci. Na sunkuya na ce masa a kunne, "Baba, gonar fa." Ya ce, "Na san gonar, ni na haife ka a kanta." Aka tura mu muka ɗauko hoto, aka haɗa mu da ma'aikacin kotu ya je ya ga gida ya ga gona. Kafin a tashi aiki Baba ya dangwala yatsa, Baffa ma ya dangwala nasa, don shi ma alkawarin ya hau kansa.

Da aka fito da shi, Baffa ya tsaya yana kallon ƙasa. Ni na zaci godiya zai yi. Sai ya ce, "To, Babarbare, ashe kana da amfani." Baba ya ce, "Wuce mu tafi, kana warin ɗakin 'yan sanda."

In faɗi gaskiya, Baffa ya ba ni kunya a watannin da suka biyo. Duk ranar zama, kafin a buɗe ƙofar kotu yana gindin dalbejiya a tsugune, da malfarsa a gwiwa. Aka yi ta ɗage shari'ar, yau shaida bai zo ba, gobe mai shari'a tana taro a Dutse. Bai taɓa fashi ba, bai taɓa ƙorafi ba. Har na daina bin su, na koma harkar makarantata.

Da bazara ta kama, dattawan ƙauyukan biyu, namu da na mai waken, suka ce abin ya isa haka. Mutanen da ke haɗuwa a kasuwa ɗaya da makabarta ɗaya, a ce suna ta jan juna gaban hukuma a kan wake? Aka taru a zauren mai gari. Baffa ya ba mai waken rago da kuɗin maganin hannunsa, mai waken ya ce ya yafe duniya da lahira. Liman ya yi addu'a, aka shafa, aka raba goro, suka yi musabaha. A wurinmu in an kai nan magana ta mutu. Wanda ya sake tayar da ita shi ne mara mutunci, ko ambatonta ma abin kunya ne.

To ashe a nan gizo ke saƙa. Mai gari ya zaci mai waken zai je ya faɗa wa kotu. Mai waken ya zaci tunda shi ya kai ƙara kuma ya daina zuwa, ai shi ke nan. Baba da Baffa kuwa ko tunanin kotun ba su yi ba, su a ganinsu an shafa fatiha. Ba wanda ya gaya mini, don a ganinsu ba wani abin faɗa.

Ruwan farko ya sauka, mutane suka fita shuka. Dole shanu su bar gonaki. Baffa ya zo har gida ya yi wa Baba sallama kamar yadda ya saba, Inna ta ɗaure masa kuka da daddawa, Baba da kansa ya raka shi har bakin rafi ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ka ji fa. Mutumin da ya yi alkawarin kawo shi kotu, shi ya raka shi hanyar Nijar, har da addu'a.

Ranar zama ta zo ta wuce, ba Baffa, ba Baba, ba mai wake. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya nemi a ba da takardar kama Baffa, aka bayar. Aka kuma rubuta wa Baba sammaci, ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a karɓi kuɗin da ya ɗauki alkawari. A gona masinjan kotu ya same shi yana noman farko.

Da yamma ƙanwata ta kira ni a waya tana kuka. Na iso gida raina a ɓace, na tarar da Baba a kan buzu yana jan carbi, Inna ta haɗa tagumi a bakin murhu. Ban san lokacin da na fara ba. Na ce, "Baba, yanzu fisabilillahi, a ce duk zauren nan, da mai gari da liman da masu furfura, ba wanda ya ce a je a gaya wa alƙali? Kun raba goro, kun aika wa kotu nata?" Ya ce, "An yi sulhu, malam." In ya kira ni malam, to ya ji zafi. Na zauna. Tsoro ne ya cika ni, ba komai ba. Gonar nan ita ce abincin gidan, kuma Baba ya wuce shekarun da zai fara wata rayuwa.

Ranar da sammacin ya sa, na goya shi muka tafi. Mai shari'a ta tambaye shi ina wanda ya tsaya wa. Baba ya gyara tsayuwa ya ce, "Ranki ya daɗe, ai maganar ta ƙare. An zauna gaban mai gari, an biya, an yafe, an yi addu'a." Ya faɗe shi da ƙarfin gwiwa, kamar mai kawo albishir.

Ta cire tabaranta ta ajiye. Ta ce, "Baba, sulhu abu ne mai kyau, kuma irin wannan laifin doka ta yarda a sasanta a kansa. Amma tunda magana ta shigo nan, a nan za ta ƙare. Sai wanda aka yi wa laifin ya tsaya a gabana ya faɗa da bakinsa, wanda ake tuhuma yana tsaye, ni kuma in amince in rufe. Kafin nan shari'a tana da rai, alkawarinka ma yana da rai. Ni ba ka yi mini alkawarin za ku shirya ba. Ka yi mini alkawarin za ka kawo shi. Yana ina?"

Baba ya ce, "Yana Nijar, ranki ya daɗe."

"Ka san zai tafi?"

Na runtse ido, ina roƙon Allah ya sa ya yi shiru. Ya ce, "Ni na raka shi."

Wasu a bayanmu suka yi dariya ƙasa ƙasa. Mai shari'ar ba ta yi ba. Ta daɗe tana rubutu, sannan ta ce ta ga alamar rashin sani ne, ba haɗin baki ba, don haka ba za ta yanke a karɓi kuɗin a ranar ba. Ta ba shi lokaci, ta sa rana a wata mai kamawa. In ya kawo Baffa, za ta duba. In bai kawo shi ba, alkawari ya tabbata a kansa. A waje mai gabatar da ƙara ya ja ni gefe ya ce kada mu sa rai da 'yan sanda, takardar kamun ba ta tsallaka iyaka. In Baffa bai dawo da ƙafarsa ba, ba mai dawo da shi.

Wayar Baffa kuwa tun da ya ƙetare ta daina shiga. Ba wanda ya san takamaiman inda suka sauka, don makiyayi ciyawa yake bi. Abu ɗaya ya rage, kasuwar shanu ta Babura. Duk wanda ke kiwo a dajin can, komai nisansa, yana da dillali a kara, kuma saƙo yana bin fatake ya isa inda waya ba ta kai.

Ranar kasuwa muka je. An kwana ana ruwa, kara ta zama taɓo, ga mutanen Nijar da rawunansu ana ta ciniki, wannan na lissafi da naira wancan da sefa. Muka sami dillalin Baffa, wani dogon mutum mai jan haƙora. Bayan doguwar gaisuwa Baba ya ce, "In akwai mai shiga wajensu, a ce masa Babarbarensa yana gaishe shi. In ya samu sarari ya leƙo, akwai 'yar magana."

Na dube shi. Na ce, "Baba, shi ke nan saƙon?"

Ya ce, "Shi ke nan. Mutum yana tsakiyar daji da dukiyarsa, damina ta kama, in tayar masa da hankali? Kuma in ya zo kama shi za su yi. Ni da bakina in kira shi ya zo a ɗaure shi?"

Sai a lokacin na gane abin da ke cin sa. Ni gonar nake gani, shi yana ganin Baffa da ankwa. Ya riga ya auna su biyun a ransa, kuma ban tabbata gonar ce ta rinjaya ba. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, duka a lokaci guda.

Na bari ya tafi alwala, na koma wurin dillalin. Na ce, "Alhaji, ka ji saƙon dattijo, yanzu ga nawa. Ka ce wa Baffa kotu ba ta san da sulhu ba. Ka ce akwai takardar kama shi, kada a ɓoye masa. Ka faɗa masa ranar. Ka ce in bai zo ba, gonar bakin rafi za ta tafi." Dillalin ya tauna goronsa ya ce, "Wanne zan kai, naka ko nasa?" Na ce ya kai duka biyun, Baffa zai san na wanda zai ɗauka. A hanyar komawa na gaya wa Baba abin da na yi.

Kwanakin da suka biyo ba su da daɗi. Dawa ta yi kyau a shekarar kamar da gayya, ta yi baƙi ƙirin, Baba yana shiga cikinta tun da safe ba ya fitowa sai azahar. Wani mai kuɗin ƙauyen har ya aiko a ji ko gaskiya ne za a sayar, wai gara shi na gida da bare. Inna ce ta amsa wa ɗan aiken, kuma ba zan maimaita abin da ta ce ba. Na je Gwiwa na sami mai waken, ya yi ta salati, ya ce wallahi bai sani ba, kuma ranar zama da shi za a buɗe kotu. Daga arewa kuwa shiru.

Ranar ta zo da ruwa tun asuba. Muka isa kotu a jiƙe, na duba gindin dalbejiya ba kowa. Mai waken ma babu shi, ya kira ya ce rafin da ke tsakaninsu da titi ya kawo, ko babur ba ya ƙetarewa. Muka zauna a benci. Baba ya sa hannayensa biyu a gwiwa yana kallon gabansa. Aka kira wata shari'a, aka kira wata.

Ana cikin haka na ji motsi a bakin ƙofa, ɗan sandan da ke gadi yana cewa a bar sanda a waje. Na waiwaya. Baffa ne, taɓo har gwiwa, takalmansa na roba a hannu, ya rame ya yi baƙi. Daga baya muka ji saƙon bai same shi da wuri ba. Ya bar wa 'ya'yansa shanu, ya yi tafiyar ƙasa har ya fito titi, ya hau motar hatsi zuwa Babura, daga nan ya biyo motar farko. Ya ratso mutane ya zo ya tsuguna gaban Baba. Bai yi wasa ba. Ya ce, "Wane irin mutum ne kai? Wai kana gaishe ni." Baba ya kama kafaɗarsa ya ce, "Ka ci abinci kuwa?"

Da aka kira shari'ar, mai shari'a ta saurari Baffa, ta saurari mai gabatar da ƙara. Ta ce tunda mai tsayawa ya cika abin da aka ba shi lokaci a kansa, ba za a karɓi komai a hannunsa ba, ta sauke masa nauyin. Gona ta tsira.

Amma ba ta gama ba. Ta ce belin farko ya karye tun ranar da Baffa bai zo ba. Mai ƙara kuma ba ya nan, don haka ba ta da ikon rufe shari'a a kan sulhun da ba ta ji daga bakinsa ba. Ta ɗage zuwa mako mai zuwa. Ta ce da kama shi aka yi, da a gidan yari zai jira. Tunda shi ya kawo kansa, za ta sake ba da beli, amma wannan karon masu tsayawa biyu, ɗaya mai kadara, ɗaya ma'aikacin gwamnati.

Ba ta rufe baki ba Baba ya miƙe, gwiwoyinsa har ƙara suke. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ga ni, ga takardar gonar, ban ma mayar da ita gida ba." Baffa ya juyo daga inda aka tsayar da shi ya ce a'a, shi ya yarda a kai shi gidan yari, mako ɗaya ba ya kashe mutum. Baba ya ce, "Ba da kai ake ba." Mai shari'a ta ce su yi shiru dukansu, ta tambaya ina na biyun.

Baba bai dube ni ba. Da ya dube ni ma da na samu abin yin gardama. Ya tsaya yana kallon bango kamar bai san yana da ɗa malamin gwamnati a bayansa ba. Ni kuma na dubi ƙafafun Baffa, yatsun duk sun tsage, taɓon ya fara bushewa a kansu. Na ce a raina, kai malam, yau dai ka shiga. Na miƙe.

Sai da na kawo takarda daga ofishin ilimi mai nuna ni ma'aikaci ne, aka kuma je aka ga gidan da nake haya. Hakan bai kammalu ba sai washegari, don haka Baffa ya yi kwana ɗaya a tsare. Rajistaran ya fara karanto mini abin da alkawarin ya ƙunsa, na ce masa ya huta, na haddace.

Makon nan kuwa na ga ta kaina. Baffa ya ƙi zuwa ƙauye, ya ce ba zai matsa daga inda idona yake ba. Ya shimfiɗa buzu a zauren gidana. Da safe in zan tafi makaranta ya bi ni, ya zauna a inuwa daidai tagar ajina. In na ɗago kai daga allo sai ya ɗaga mini hannu, wai in san yana nan. Yara suka ɗauka sabon mai gadi aka kawo. Na ce, "Baffa, don Allah ka je ka sha iska, ko kasuwa ka zaga." Ya ce, "Ɗan Babarbare, yi karatunka. Na ga abin da shan iska ya jawo." Matata ta yi ta dama masa fura, yana sha yana cewa nonon gari ruwa ne.

Ranar ƙarshe rana ta fito. Mai waken ya zo da shaddarsa, mai gari ma ya biyo shi yana ta sunkuyar da kai. Mai shari'a ta tambayi mai waken ko an biya shi, ya ce an biya. Ta tambaye shi ko wani ya tilasta masa, ya ce ba wanda ya tilasta shi, shi ya yafe don Allah. Mai gabatar da ƙara ya ce ba shi da ja. Ta yi rubutu, ta ce kotu ta amince da sulhun, ta sallami wanda ake tuhuma, ta kuma sauke nauyin masu tsaya masa. Abin da ya hana mu barci tsawon damina bai ɗauki lokacin shan shayi ba.

Ɗan sanda ya yi wa Baffa alama ya fito. Baffa bai motsa ba. Ya ɗaga hannu kamar ɗan aji, ya ce, "Ranki ya daɗe, ina da tambaya."

Ta ce ya yi.

"Wancan karon ma an ce mini ta ƙare. Yanzu ina so in ji daga bakinki. In na fita ƙofar nan na tafi wurin shanuna, akwai wanda zai taɓa gonar mutumin nan?"

Ta ce, "Babu."

"Ko na daɗe ban dawo ba?"

"Ko ka shekara."

Ya nuna ni da haɓa. "Shi ma yaron, ba abin da zai sami aikinsa?"

Ta dube shi ta saman tabarau, muryarta ta yi laushi. Ta ce, "Shi ma babu. Baffa, ta ƙare. Ni na faɗa."

Ya gyaɗa kai a hankali. Na juya in yi wa Baba magana, na ga ya ja hannun babbar rigarsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, kuma ni ma ban iya riƙe nawa ba. Baffa ya sauko ya zo ya tsaya a gefensa, ya jira har ya gama. Sannan ya kama hannunsa suka fita tare.